Canza waya ba tare da rasa hirarrakin WhatsApp ba: yadda ake yi, da abin da ke hana ajiya dawowa

Saƙonninka na WhatsApp a cikin wayarka suke zaune, ba a wurin kamfanin ba. Idan wani ya aiko maka da saƙo, na'urorin kamfanin suna riƙe shi ne kawai har ya iso gare ka, da ya iso sai su goge nasu. Wanda bai samu isowa ba, saboda wayarka a kashe take ko babu data, suna jiran ka da shi har kwana 30, daga nan shi ma ya tafi. Shi ya sa mutum zai sa sim ɗinsa a sabuwar waya, ya ga hotonsa da duk gurup ɗin da yake ciki sun dawo, amma ya buɗe kowace hira ya tarar da ita fayau. Hoton da jerin gurup suna bin lamba. Hirar ba ta bin lamba, sai an ɗauko ta da hannu.

Hanyoyin ɗauko ta biyu ne masu ƙwari ga mai Android, wato mafi yawanmu a Damagaram. Ko dai tsohuwar waya ta miƙa wa sabuwa kai tsaye suna gab da juna, ko kuma tsohuwa ta ɗora kwafi a asusun Google, sabuwa ta sauko da shi. A ganina, duk wanda tsohuwar wayarsa ke hannunsa kuma tana kunnuwa, ya bi ta farko. Ta biyun ta ranar tsautsayi ce, ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka zare ta daga aljihu a cunkoson Kasuwar Dole. Ita ce kuma mai yawan ba mutane kunya, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Ajiyar Google da makullanta

Kwafin da WhatsApp ke ɗorawa a Google kamar akwati ne mai kwaɗo biyu, wani lokaci uku. Kwaɗo na farko lambar wayar da aka yi ajiyar da ita. Na biyu asusun Gmail ɗin da aka ɗora ta a ciki. Na uku sai ga wanda ya kunna `Sauvegarde chiffrée de bout en bout`, tsarin da aka fito da shi a 2021, mai buƙatar kalmar sirri ko mabuɗi mai lamba da harafi 64. Idan ɗaya daga cikinsu bai yi daidai ba, babu mai buɗe maka, har kamfanin kansa.

Kafin ka taɓa sabuwar waya, buɗe WhatsApp a tsohuwar ka bi nan:

```
Paramètres > Discussions > Sauvegarde des discussions
```

Wayar da aka saita da Turanci, kamar waɗanda ake shigowa da su daga Kano, za ta nuna `Settings > Chats > Chat backup`. A wannan shafin abu uku za ka karanta da idonka: ranar ajiya ta ƙarshe, girmanta, da adireshin Gmail ɗin da ke rubuce a ƙasa. Ka kwafe adireshin a takarda harafi bayan harafi.

Ɗauki misalin wani Alhaji mai fataucin wake, wanda ke kai kaya Kano ta Matamaye. Rabin cinikinsa a saƙon murya yake: wane ya karɓi buhu kaza, wane ya ce zai biya bayan kasuwar Alhamis, ga hotunan rasit na kuɗin da aka turo. Ya sayi sabuwar waya, kuma mai shago ya yarda ya karɓi tsohuwar a yi masa ragi. Da aka ce a duba ajiya tukuna, sai ya ce, "Ai yaron nan ya gaya mini komai yana Gugul, ɗana, sa sim kawai." Aka buɗe shafin. Ajiya ta ƙarshe wata bakwai ke nan da yin ta. Adireshin Gmail ɗin kuwa wasu haruffa ne da lambobi da Alhaji bai taɓa gani ba, wanda ya sayar masa da wayar tun farko shi ya buɗe masa don ya samu shiga Play Store, kalmar sirrin kuma ta tafi da shi. Da an sa sim a sabuwar waya an miƙa tsohuwar a ranar, da bashin da Alhaji ke bi sai dai abin da ya iya tunawa da ka.

Me ya sa ajiyar ta tsaya wata bakwai alhali an saita ta a kullum? Domin WhatsApp, yadda yake zuwa, yana jiran wifi kafin ya ɗora komai a Google. Akwai wani maɓalli a ƙasan wannan shafin da ke ba shi izinin amfani da datar sim, kuma a kashe yake zuwa. Wanda ke aiki a ofis ko yake da wifi a gida ba zai taɓa lura da wannan ba. Amma mutumin da duk intanet ɗinsa daga forfen da yake saye a sim ne, wayarsa za ta yi ta jiran wifin da ba zai zo ba. Abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne, da misalin ƙarfe 2 na dare wayar kan yi wani kwafi na cikin gida, a ma'ajiyarta, wanda ba ya buƙatar intanet. Sai mutum ya ga an rubuta cewa ana ajiye saƙonni, ya ɗauka abin ya hau sama. Wannan kwafin idan waya ta ɓata, tare suke ɓata.

Tsohuwar ajiya ma ba ta zama har abada. Wadda ta kai wata 5 ba a sabunta ta ba, Google na iya share ta. To ta Alhaji mai wata bakwai, ko da an samo kalmar sirrin, mai yiwuwa babu abin da za a tarar.

Sai maganar wuri. Kowane asusun Google yana da giga 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos duk a cikin wannan gigan suke ci. A da ajiyar WhatsApp ba ta shiga lissafi, amma daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 aka fara lissafa ta. Wanda hotunansa na biki da suna suka riga suka cika asusun, ajiyarsa ta WhatsApp ta tsaya ke nan tun ranar da ya cika. Ana ganin abin da ya rage a `one.google.com/storage`. Idan kuma kana so ka tabbatar da cewa akwai ajiyar da gaske, buɗe manhajar Drive, taɓa layuka uku na sama, shiga `Sauvegardes`. A nan za ka ga WhatsApp da lambarka a jikinsa. Ba za ka iya buɗe shi ka karanta ba, amma ganin lambar da ranar ya wadatar.

Miƙawa kai tsaye, waya da waya

A wayar Alhaji an duba `Paramètres > Stockage et données > Gérer le stockage`, aka ga WhatsApp ya ci giga 5.8. A ciki bidiyo ya kai 3.9, galibi wa'azi da barkwancin da ake turowa a gurup. Hotuna 1.1, saƙonnin murya da takardu wajen mega 600, rubutun hirar kansa bai wuce mega 200 ba. Ko an bar bidiyo, ɗorawa a Google zai ci kusan giga 1.9, saukowa ma haka, kusan giga 4 ke nan na data, ga jiran rezo. Miƙawa kai tsaye ba ta cin data, ban da ɗan abin da za a sauke manhajar da shi a tabbatar da lamba. Wayoyin biyu suna haɗa wifi ne a tsakaninsu, ba sa buƙatar na gida ko na ofis. An fito da wannan hanya a 2023, kuma tana aiki tsakanin Android da Android, ko iPhone da iPhone.

Da farko a rage kaya. A wannan shafin na `Gérer le stockage` WhatsApp yana ware manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Alhaji ya zauna ya goge bidiyo na giga 3, sauran kayan suka koma 2.8. Wannan minti goman da aka ɓata ya rage rabin lokacin miƙawa, ya kuma rage haɗarin yankewa a tsakiya.

Sannan a sabunta WhatsApp na tsohuwar waya daga Play Store, a cika batirin wayoyin biyu. Idan ana yawan ɗauke wuta a unguwarku, kada ka dogara da cewa za ka bar su a jikin caji, su cika tun kafin a fara. A lokacin zafi kuma a samu inuwa a cire musu riga, domin waya idan ta yi zafi sosai takan rage gudu, wata ma ta rufe manhajar da kanta. A duba cewa sabuwar tana da wurin da ya fi kayan da za a zuba mata yawa sosai. Waya mai giga 32, tsarinta da manhajojin da ta zo da su sun riga sun cinye kaso mai yawa tun tana cikin kwali.

A tsohuwar waya za a fara, kuma wannan jerin yana da muhimmanci. Kada ka yi rajistar lambarka a sabuwar tukuna. Shiga `Paramètres > Discussions > Transférer les discussions`, ka taɓa maɓallin farawa, ka ba ta izinin da ta nema. Za ta nemi a kunna wifi, wasu wayoyin kuma su nemi izinin sanin wuri, saboda da shi Android ke gano na'urorin da ke kusa. Daga nan kyamara za ta buɗe tana jira.

Yanzu ka ɗauki sabuwar. Sauke WhatsApp daga Play Store, buɗe shi, sa lambar nan dai da kake amfani da ita, da +227 ɗinta. Lambobi 6 za su zo ta saƙon SMS ko ta kira. Sim ɗin ba dole ne ya kasance a cikin sabuwar wayar ba, ko a ƙaramar waya mai maɓalli yake, ka karanta lambobin ka rubuta. Bayan an tabbatar, sabuwar za ta tambaye ka ko kana son ɗauko hira daga tsohuwar waya. Ka amsa, sai ta nuna wani zane mai murabba'i, lambar QR. Ka haska shi da kyamarar tsohuwar, ka amince da gayyatar haɗuwa da za ta bayyana.

Daga nan sai haƙuri. Ajiye su kusa da juna, allonsu a kunne, kada ka fita daga WhatsApp a ko ɗaya, kada ka ɗauki ɗaya ka fita waje amsa kira. Saƙonni ba za su shigo ba har a gama, amma ba su ɓata ba, suna jira. Idan ƙidayar ta kai ƙarshe, sabuwar za ta ɗan ɗauki lokaci tana jera saƙonnin, sannan ta buɗe. Tarihin kiraye-kirayen WhatsApp ba ya biyowa ta wannan hanya, kada ka ga babu shi ka ɗauka aikin ya lalace.

Idan ta yanke a tsakiya, babu abin da ya ɓace, domin kwafi ake yi, tsohuwar ba ta goge nata. A kashe wifin duka biyun a sake kunnawa, a kashe tsarin tattalin batir da VPN in akwai, a sake gwadawa.

Da aka gama na Alhaji, ba a tsaya ga ganin jerin sunaye ba. An buɗe hirarsa da wani dillali, aka ja ta sama har bara, aka kunna wani saƙon murya na lokacin kaka, aka ji muryar tana ƙirga buhuna. Aka buɗe hoton rasit aka ga lambobinsa sarai. Hoton da ya fito dishi-dishi da kibiyar saukewa a tsakiyarsa, alama ce cewa fayil ɗin bai zo ba, inuwarsa ce kawai. Irin wannan dubawa ita ce ke nuna an gama.

Idan ta Google za ka bi

Wani lokaci babu zaɓi, ko don tsohuwar wayar ta tafi, ko don miƙawa ta ƙi. In tsohuwar tana nan, fara da gyara ajiyar. Idan ba ka san kalmar sirrin Gmail ɗin da ke ciki ba, kada ka ɓata lokaci wajen neman wanda ya buɗe shi. Buɗe sabon asusu da kanka, ka sa lambar da kake riƙe da ita a matsayin ta ceto, ka rubuta kalmar sirrin a inda kake ajiye takardun gida. Sai ka koma shafin ajiya, ka taɓa `Compte Google`, ka zaɓi sabon. Ka yanke shawara a kan `Inclure les vidéos`, wanda shi ma a kashe yake zuwa, shi ya sa mutane da yawa ke samun komai ban da bidiyon ɗaurin aure. Ka kunna izinin datar sim ko ka nemi wifi, ka taɓa `Sauvegarder`, ka jira har ranar da ke sama ta koma ta yau, girman kuma ya yi kama da abin da kake tsammani. Ajiyar da ta nuna mega 40 ga mutumin da ya shekara uku yana hira, akwai magana.

A sabuwar waya, asusun Google ake fara sawa kafin WhatsApp. Wannan shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Mai shago, don ya taimaka, yakan buɗe wa mai saye sabon Gmail nan take a saita waya, sai WhatsApp ya leƙa cikin wannan sabon asusun, bai ga komai ba, ya wuce bai ce uffan ba. Ka sa adireshin da ajiyar take ciki, ko tsohon da ka kwafe a takarda ko wanda ka buɗe da kanka. Google na iya aika tambaya zuwa tsohuwar wayar don ya tabbatar kai ne, wani dalilin ke nan na riƙe ta a hannu. Bayan haka sai a sauke WhatsApp, a tabbatar da lamba, a ba shi izinin ganin lambobin mutane da fayiloli. Idan aka hana shi wannan izinin, yana iya kasa neman ajiyar.

Sai allon da ya fi kowane muhimmanci ya fito: an samu ajiya, ga ranarta, ga girmanta, ga `Restaurer`, ga kuma maɓallin tsallakewa. Karanta ranar kafin ka taɓa komai. Wannan tambayar sau ɗaya ake yin ta, a lokacin saita manhajar. Babu wani wuri a cikin saituna da za ka je daga baya ka ce a dawo maka da ajiya.

Idan ka taɓa `Restaurer`, rubutun hira ne ke fara sauka, sai WhatsApp ya buɗe, hotuna da muryoyi su ci gaba da sauka a baya. A nan ma yakan tsaya jiran wifi. Za ka ga sanarwa a saman jerin hirarraki, kuma daga nan ake ba shi izinin ci gaba da datar sim. Mutane da yawa suna ganin hotuna ba su buɗe ba a ranar farko sai su goge manhajar su sake, alhali abin bai gama sauka ba ne.

To idan an riga an tsallake fa? Ana iya gyarawa, amma da sauri kuma da hankali. Google kwafi ɗaya yake riƙewa ga kowace lamba a asusu, sabo yana hawa kan tsoho ya shafe shi. Idan sabuwar wayar, da hirarta ta kwana biyu, ta yi ajiya a wannan asusun, ta shafe ta shekara uku ke nan, kuma babu hanyar komawa baya. Saboda haka kada ka taɓa `Sauvegarder` a sabuwar, kuma idan ta tambaye ka sau nawa za ta riƙa ajiya, kada ka zaɓa mata komai tukuna. Duba Drive ka ga ranar da ke jikin ajiyar. In ta tsohuwar ce, cire WhatsApp daga sabuwar wayar, sake sauke shi, tabbatar da lamba, tambayar za ta sake fitowa. Saƙonnin da suka shigo a kwana biyun nan za su tafi, domin WhatsApp ba ya haɗa tarihi biyu wuri ɗaya, sai ka ɗauki hoton allo na masu muhimmanci kafin ka cire. In kuwa an riga an shafe, amma tsohuwar wayar tana nan ba a wanke ta ba, koma ka tabbatar da lambar a cikinta. Yawanci hirar tana nan inda ka bar ta, sai a sake ajiya daga can. Kada dai ka yi ta neman lambobin tabbatarwa a jere, domin kowane nema yana ƙara tsawon jiran da za a sa maka, daga mintuna har ya kai awanni.

Sabuwar waya da sabuwar lamba a rana ɗaya

Wannan yana yawan faruwa a nan, inda mutum ke da sim biyu ko uku, wani ma har da na Najeriya mai +234 saboda zirga-zirga. Ajiyar da aka yi da wata lamba ba ta buɗuwa da wata. Idan za ka canza duka biyun, fara canza lambar a tsohuwar waya, ta `Paramètres > Compte > Changer de numéro`. Hirarka da gurup ɗinka za su koma kan sabuwar lambar a nan cikin tsohuwar wayar. Sai ka yi sabuwar ajiya, ko ka yi miƙawa kai tsaye, da sabuwar lambar.

Akwai kuma waɗanda WhatsApp ɗinsu ke kan lambar da suka daɗe da yar da sim ɗinta. Yana ta aiki saboda ba a sake tambayarsu ba. Ranar canza waya za a aika lambobi 6 zuwa wannan layin, wanda wataƙila kamfanin sadarwa ya riga ya sayar wa wani. Mai irin wannan hali ya yi `Changer de numéro` tun yau, tun tsohuwar wayar tana aiki, domin sabuwar lambar ce kawai ake aika wa saƙon tabbatarwa. Haka nan wanda ya kunna `Vérification en deux étapes` ya tabbata yana tuna lambobinsa 6 na sirri. In ya manta kuma bai sa adireshin imel ba, sai ya jira kwana 7 kafin ya shiga.

Abubuwan da suka yi kama da ƙaura amma ba ita ba ne

Tun 2023 ana iya haɗa waya ta biyu da asusu ɗaya ta `Appareils connectés`. Wasu masu gyara suna yin haka don ya fi sauri: a haska QR, hira ta bayyana, mai waya ya tafi yana murna. Amma sabuwar a nan ƴar rakiya ce. Ba lalle ta samu tsohon tarihi duka ba, ba ta yin ajiya, kuma idan babbar wayar ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, sai a fitar da ƴar rakiyar. Wanda ya sayar da tsohuwar a ranar, bayan mako biyu zai wayi gari babu komai. Alamar da za ka gane ita ce, idan ba a nemi tabbatar da lambarka a sabuwar wayar ba, ba a yi ƙaura ba.

Xender da makamantansa suna kwashe hotuna da bidiyo da manhajar kanta, amma ba sa shigar da hira cikin WhatsApp. `Exporter la discussion` yana fitar da hira ɗaya a matsayin rubutun da za ka karanta ko ka ajiye don shaida, ba a mayar da shi ciki. Masu GB WhatsApp da ire-irensa kuma su sani cewa waɗannan ba na kamfanin ba ne, ajiyarsu ba ta bin hanyar Google yadda ta asali ke bi, babu tabbacin za ta buɗu a ta asalin, kuma ana iya rufe lambar da ke amfani da su.

Tsakanin Android da iPhone ajiya ba ta ƙetarawa ko kaɗan: ta Google ba ta buɗuwa a iPhone, ta iCloud ba ta buɗuwa a Android. Mai komawa iPhone zai yi amfani da manhajar `Move to iOS`, kuma dole iPhone ɗin ya zama sabo fil ko wanda aka wanke, domin a lokacin saitin farko kawai ake yi. Wanda ya riga ya yi mako yana amfani da shi sai ya wanke ya faro daga farko.

Kwafin cikin gida, idan komai ya ƙi

Wannan kwafin na ƙarfe 2 na dare yana nan a wayoyin Android 11 zuwa sama:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Databases/msgstore.db.crypt14
```

A tsofaffin wayoyi jakar `WhatsApp` tana farkon ma'ajiya. Wanda ya kunna ajiya mai kalmar sirri zai ga `crypt15` a ƙarshen sunan. Fayil ɗin a kulle yake, kuma mabuɗinsa yana da alaƙa da lambarka, don haka kwafe shi zuwa wayar wani ba ya buɗe shi. Idan allon tsohuwar waya ya fashe amma kwamfuta tana ganin ta, ko mai gyara ya samu ya kunna ta na ɗan lokaci, a kwashe jakar `com.whatsapp` gaba ɗayanta, ba fayil ɗaya ba, a zuba ta a daidai wannan wurin a sabuwar waya kafin a tabbatar da lamba. Idan akwai ajiya a Google, ita WhatsApp zai fara nunawa. Wannan hanya takan yi aiki, takan kuma ƙi a sababbin wayoyi, shi ya sa na bar ta a ƙarshe. Kuma a kiyaye: a Android na yanzu, cire WhatsApp na iya tafiya da wannan jakar, sai a kwafe ta zuwa katin memori ko kwamfuta kafin a cire komai.

Kafin tsohuwar ta bar hannunka

Mai shago zai so ya karɓi tsohuwar a take. Ka roƙe shi kwana biyu, ko ka biya cikon ka kawo ta daga baya. Alhaji sai bayan kwana biyu ya mayar da tasa, bayan ya bi hirarrakin masu bashi ɗaya bayan ɗaya. A cikin kwanakin aka saita ajiya a sabuwar wayar da Gmail ɗin da ya san kalmar sirrinsa, mako-mako, ba bidiyo, da izinin datar sim. Ɗorawar farko ce mai nauyi, bayanta hotuna da muryoyin da suka riga suka hau ba a sake ɗora su.

Lambobin mutane kuma ba a cikin ajiyar WhatsApp suke ba. Idan hira ta dawo amma kana ganin lambobi tsirara babu sunaye, to sunayen suna cikin ma'ajiyar tsohuwar wayar ko a wancan tsohon Gmail ɗin. A fitar da su daga manhajar lambobi a matsayin fayil mai ƙarewa da `.vcf`, a tura wa sabuwar ta shigar da su.

Wajen wanke tsohuwar, fara cire asusun Google daga saitunanta, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, don kada ta kulle wa mai saye tana neman kalmar sirrin da babu wanda ya sani. Cire katin memori da sim. Kada kuma ka taɓa `Supprimer le compte` a cikin WhatsApp da sunan share tsohuwar waya, domin wannan asusun lambarka yake gogewa gaba ɗaya, ya fitar da kai daga duk gurup, ya haɗa da ajiyar da ke Google.